Shafi 46 na Larabci da Hausa, kwafi 60: ta yaya zan mai da shi ɗan littafi?

Malamin Islamiyya, Daura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Muna shirin walimar sauka, kuma muna son raba wa ɗalibai da iyayensu wani ɗan tarin addu'o'i da azkar da malaman makarantarmu suka haɗa. PDF ne aka turo mini, shafi 46, girman A4, kuma kwafi 60 muke buƙata. Da na yi lissafi na ga idan aka buga shi fuska ɗaya, falle 2,760 ke nan, fiye da rim biyar da rabi, kuma asusun makaranta ba zai ɗauka ba. An ce mini ana iya buga shi a ninke kamar ƙaramin littafi. Jiya yaron da ke taimaka mana ya gwada shafi bibbiyu a falle ɗaya, da muka ninke sai shafukan suka hautsine, bayan shafi na 1 sai ga na 4. Firintarmu ƙarama ce mai tona, ba ta juya takarda da kanta. Ina neman shawara.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam Malam. Abu ne mai sauƙi, kullum muna yi a shago. Buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, danna Print, zaɓi Multiple, sa 2 a Pages per sheet, buga gaba da baya. Shafi huɗu ke nan a falle guda. Sai ka ninke.

Malamin Islamiyya, Daura:
Ai shi ne abin da yaron ya yi, ɗana. Shi ne ya hautsine.

Baba Mai Ɗab'i:
Allah gafarta Malam. Ɗan Ƙofar Ƙaura ya kai ka ƙofar gidan, amma ɗakin da ya nuna maka ba shi ba ne. Multiple yana jera shafuka ne yadda suka zo, 1 da 2 a gaba, 3 da 4 a baya. Wannan na wanda zai soke takardunsa da fil a kusurwa ne ya karanta a shimfiɗe. Littafin da ake ninkewa kuwa, falle ne cikin falle. Fallen da ke waje shi ke ɗauke da farkon littafi da ƙarshensa a tare, na tsakiya kuma shi kaɗai ne shafukansa biyu ke bin juna. Maɓallin da kake so yana nan kusa da Multiple ɗin, sunansa Booklet. Shi ke yin wannan jeri da kansa.

Amma kafin ka taɓa shi akwai lissafi. Kowane falle shafi huɗu yake ɗauka, biyu a gaba biyu a baya, don haka dole yawan shafuka ya rabu gida huɗu ba saura. 46 ba ya rabuwa, sai an kai shi 48. Falle 12 ke nan kowane littafi, kwafi 60 kuma falle 720. Rim ɗaya da falle 220.

Ga yadda za ka gane an jera daidai. A littafi mai shafi 48, kowane shafuka biyu da suka zauna gefe da gefe a fuska ɗaya, idan ka haɗa lambobinsu 49 za su ba ka. Falle na farko 1 da 48 a gaba, 2 da 47 a baya. Na biyu 3 da 46, bayansa 4 da 45. Haka har na 12, wanda cikinsa 24 da 25 ne. Duk fuskar da ka haɗa ba ta ba ka 49 ba, tsayar da injin.

Malamin Islamiyya, Daura:
Madalla Baba, Allah ya ƙara girma. To shafuka biyun da suka rage, daga ina za su fito?

Baba Mai Ɗab'i:
Reader zai cike su da kansa, farare, amma a ƙarshe yake ajiye su. Shi ya sa zan tambaye ka: mene ne a shafi na 46?

Malamin Islamiyya, Daura:
Bangon baya ne. Sunan makaranta da godiya ga iyaye.

Baba Mai Ɗab'i:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Idan ka bar shi haka, bangon bayanka zai faɗa ciki, a kan falle na biyu, bayan littafin kuma ya fito fari fat. Fararen shafukan nan kafin bangon baya ya kamata su shiga, shi kuma ya koma na 48.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba ina ga akwai hanyar da ta fi wannan sauri. A cire shafi na 1 da na 46 a buga su daban a kan kwali mai kala. Abin da ya rage daga 2 zuwa 45 ne, shafi 44, falle 11 cif. Ba farin shafi, ba asarar takarda, ga bango mai kyau.

Hajiya Sakatariya:
Wannan dabarar ta yi. Haka muke yi wa takardun tsarin taro a ofis, bango daban ciki daban.

Baba Mai Ɗab'i:
Lissafin ya yi, ɗana, kuma ga yawancin ayyuka ni ma haka zan yi. Amma bari mu ji daga Malam. Larabcin da fassarar a shafi ɗaya suke, ko kowane da shafinsa?

Malamin Islamiyya, Daura:
Kowane da nasa. Shafi na 2 Larabci, na 3 fassararsa, na 4 Larabci, na 5 fassara, haka har na 45.

Baba Mai Ɗab'i:
To ba za a yi da 44 ba. Wanda ya tsara shi ya yi ne don idan an buɗe littafi, 2 da 3 su kalli juna, yaro ya ga addu'a a hannu ɗaya, ma'anarta a ɗaya hannun. Idan ka fara cikin littafin da shafi na 2, zai zauna shi kaɗai yana kallon cikin bango, sai 3 ya kalli 4. Wato fassarar addu'ar farko ta zauna kusa da Larabcin addu'a ta biyu, kuma haka za su tafi a goce har ƙarshe. Yaro ɗan aji biyu ba zai gane ba, zai haddace ma'anar wata addu'a a kan wata. Ƙara farin shafi ɗaya a gaba ma haka zai yi. Duk abin da za a ƙara a farko ko a tsakiya sai dai bibbiyu. Saboda haka fararen nan biyu su shiga tare, bayan shafi na 45.

Kwalin ma ba a rasa shi ba. Falle na farko cikin 12 ɗin nan shi ne bango. A buga shi a kwali mara kauri sosai, sai dai shafi na 2 zai zauna a cikin bangon gaba, kuma ba laifi ba ne.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Ban san Larabci da fassara a rabe suke ba. Amma Reader na kyauta ba ya ƙara shafi fa Baba.

Malamin Islamiyya, Daura:
Kuma wanda ya buga mana rubutun ya ce kwamfutar da ya yi aikin da ita ta lalace, PDF ɗin kawai ya rage.

Injiniya na Layout:
Ba matsala. Buɗe Word, takarda A4 ba komai a ciki, ka adana ta a matsayin PDF, ka sa mata suna fanko.pdf. Sai a haɗa. Wanda yake da pdftk, manhajar haɗa fayilolin PDF, a kwamfutarsa layi ɗaya ne:

```
pdftk A=littafi.pdf B=fanko.pdf cat A1-45 B1 B1 A46 output sabo.pdf
```

Ma'anarsa: ɗauko 1 zuwa 45, sa fanko sau biyu, rufe da 46. Wanda ba ya son rubuta umarni, PDFsam Basic kyauta ne, sashen Merge yana barin ka zaɓi shafukan da za a ɗauka daga kowane fayil. Malam in ka ga wahala turo mini ta waya in haɗa maka.

Hajiya Sakatariya:
Tunda dai za a biya kuɗin takardar, me zai sa a bar su farare? A ja layuka a rubuta "Sunan ɗalibi" da "Aji" a ɗaya, ɗayan kuma a bar wa yara wurin rubuta abin da malami ya ƙara musu.

Malamin Islamiyya, Daura:
Hajiya wannan shawara ta shiga. Injiniya zan turo bayan la'asar in sha Allah.

Ɗalibar Poli:
Salam. Yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni ma ina da irin matsalar. Malaminmu ya ba mu PDF na darasi, silaid 96, kuma kuɗin bugawa ya yi mini yawa. In danna Booklet ɗin ke nan?

Baba Mai Ɗab'i:
A'a ɗiyata, naki daban. Ke Multiple ɗin da Ɗan Ƙofar Ƙaura ya faɗa tun farko shi ne naki. Rubutun silaid manya ne, an yi su don a hango daga bayan aji, ko an rage su sosai ana karantawa. Sa 4 ko 6 a Pages per sheet. Da 6 a kowace fuska, gaba da baya, 96 ɗinki falle 8 ne kacal. Da 4 kuma falle 12. Ki duba Page order ya kasance Horizontal, don su bi daga hagu zuwa dama sannan su sauko, yadda ido ya saba. In akwai jadawali mai ƙananan lambobi a ciki, tsaya a 4.

Ɗalibar Poli:
To littafin karatu fa, wanda rubutu ne zalla? Wata ƙawata ta yi huɗu-huɗu.

Baba Mai Ɗab'i:
Tambaye ta ko ta iya karanta shi da fitilar waya daren jarrabawa. Shafi biyu a fuska ɗaya yana mai da komai kashi 71 cikin 100 na girmansa. Shafi huɗu kuma rabi ne daidai, rubutu mai lamba 12 ya koma 6. Wannan ba karatu ba ne, azabtar da ido ne.

Ɗalibar Poli:
Na gode Baba. Ashe Chrome ma yana da Pages per sheet ɗin a ƙarƙashin More settings, yanzu na gani.

Injiniya na Layout:
Yana da shi, amma ba shi da Booklet. Shi ya sa Malam sai da Reader.

Malamin Islamiyya, Daura:
Maganar girman rubutun nan ta taɓa ni. Ni ma nawa zai ragu ke nan? Akwai iyaye dattawa da za a ba.

Baba Mai Ɗab'i:
Zai ragu, da kashi 71 ɗin nan, don A4 mai faɗin milimita 210 da tsawon 297 za a matse cikin rabinsa, A5, mai 148 da 210. Da wace lamba aka buga rubutun?

Malamin Islamiyya, Daura:
Na kira shi. Ya ce Larabcin 20, Hausar 14.

Baba Mai Ɗab'i:
Ka yi sa'a. Larabcin zai dawo wajen 14, Hausar wajen 10. Za a karanta. Da 12 ce Hausar da ta koma 8 da rabi, da na ce a sake shawara. Abin da za ka sa wa ido shi ne wasula da ɗigo. Fatha da kasra da shadda su ne ke fara dushewa idan rubutu ya ƙanƙance, musamman idan tona ta yi ƙasa ko an kunna tsimin tona a saitin firinta. Kashe tsimin nan. Buga falle ɗaya daga tsakiya, ka miƙa wa wanda ya fi kowa tsufa cikin malamanku ya karanta da ƙarfi. In ya wuce ba tuntuɓe, ci gaba.

Mai Fotokwafi, bakin Jami'a:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Malam ya buga kwafi ɗaya mai kyau ya kai shagon fotokwafi a Daura a zuba masa 60. Ƙaramar firinta da fuska 1,440 ai sai ta gaji, ga janareta yana shan mai, don irin waɗannan masu tona ba kowace sola ke ɗaukarsu ba.

Baba Mai Ɗab'i:
Ga aikin Hausa zalla na yarda. Ga Larabci mai wasula da aka riga aka rage, fotokwafi yana ƙara cin siraran layuka, kuma datti ɗaya a kan gilashi ya isa ya zama ɗigo a ƙarƙashin harafi sau 60, ha ta koma jim. In za a kai shago, a kai fayil ɗin a buga kai tsaye daga kwamfuta a babban inji mai juya takarda da kansa.

Mai Fotokwafi, bakin Jami'a:
Ya danganta da inji da mai injin, Baba. Nawa ina goge gilashi kullum. Littattafan Islamiyya nawa na yi ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Baba Mai Ɗab'i:
Ban musa ba. Amma ba shagonka Malam zai je ba, yana Daura kana Katsina.

Injiniya na Layout:
In an kai babban inji, a tuna abu biyu. Wajen bugu gaba da baya a zaɓi Flip on short edge. In aka bar shi a long edge, bayan kowane falle zai fito kai a ƙasa. Na biyu, wasu injinan suna da nasu Booklet a cikin Properties. Kada a kunna shi tare da na Reader, in ba haka ba za a jera sau biyu a rage sau biyu, ka ga shafuka huɗu 'yan mitsi-mitsi a fuska ɗaya. Ɗaya kawai.

Hajiya Sakatariya:
A ƙara da duba girman takarda. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter, mu kuwa A4 muke saye a kasuwa. Letter ta fi gajarta, ta fi faɗi kaɗan. In ba a canza ba, tsakiyar bugun ba zai faɗa kan tsakiyar takarda ba, ka ninke ka ga gefe ɗaya rubutu ya matso cikin ninki, ɗayan ya yi nisa.

Malamin Islamiyya, Daura:
Kwamiti ya fi son mu yi da tamu firintar, tunda an riga an sayi tona. Yaya za mu yi da juyawa da hannu? Nan ne nake jin tsoro.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
A cikin Booklet akwai Booklet subset. Zaɓi Front side only, fallaye 12 su fito, ka juya su ka mayar, ka zaɓi Back side only. In bayan ya fito a juye, wato bayan falle na 12 ya hau kan na 1, sai ka sa alama a Reverse pages ka sake. Shi ke nan, sai ka maimaita sau 60.

Baba Mai Ɗab'i:
Hanyar daidai ce ga kwafi ɗaya ko biyu. Ga 60 ba zan bi ta ba, ga dalili. Takardar da ta ratsa zafin firinta tana lanƙwashewa, tana kuma manne wa 'yar'uwarta, balle da hunturi. A zagaye na biyu sai injin ya ja biyu a haɗe. Da zarar ya yi haka, duk fallayen da suka biyo baya sun goce da ɗaya, bayan na 6 ya hau kan na 7, kuma ba za ka lura ba sai ka zo ninkewa. Littafi guda ya tafi.

Yadda muke yi a maɗaba'a shi ne falle-falle. A wurin Sheets from ka sa 1 to 1, Front side only, Copies 60. Su fito, ka bar su su huce, ka kaɗa gefensu iska ta shiga tsakani, ka daidaita su a kan tebur. Ka mayar, Back side only, 1 to 1, 60. Ka ajiye tulin gefe ka rubuta masa lamba 1. Sai 2 to 2. Tunda duk tulin abu ɗaya ne, ba ruwanka da wane ne a sama wane ne a ƙasa, kuma in ya ja biyu, falle ɗaya ne kawai zai fito ba baya, ka mayar da shi. In an ɗauke wuta ma ka san inda ka tsaya. Sau 24 za ka danna Print maimakon 120.

A ƙarshe tuli 12 ne a jere a kan benci. Ka samo manyan ɗalibai su bi layi suna ɗaukar ɗaya-ɗaya.

Injiniya na Layout:
Wannan ita ce hanya. Saura sanin ta wace fuska za a mayar da takarda, don kowace firinta da halinta. Malam, ɗauki falle ɗaya ka yi masa kibiya da fensir a fuskar da ke sama, tana nuna cikin injin. Buga gaba. Duba a wace fuska bugun ya fito da inda kansa ya kalla, daga nan za ka san yadda za ka kwantar da shi. Buga baya, ninke, ka tabbata 2 yana bayan 1 kuma ba a kife ba. Sai ka rubuta yadda ka yi a ɗan takarda ka manna a jikin firintar, don wanda zai karɓe ka in ka tafi salla.

Malamin Islamiyya, Daura:
Na fahimta sarai. Saura tambaya ɗaya. Na ga wani wuri an rubuta Binding, da Left da Right.

Baba Mai Ɗab'i:
Gefen da ƙashin bayan littafi zai kasance ke nan. Left irin littafin boko, Right irin na Larabci, a buɗe daga dama. Ni Right zan sa. Da shi shafi na 2, Larabci, zai zauna a dama, fassararsa a hagu, ido ya fara da nassi sannan ya gangara kan ma'ana. Alamar ya kama ita ce a fuskar farko ka ga 1 a hagu, 48 a dama. Lissafin 49 bai canza ba.

Hajiya Sakatariya:
Nan kam ban bi Baba ba. Bangon da Hausar boko aka rubuta shi, godiyar ma haka. Uwa za ta karɓa ta buɗe yadda ta saba buɗe littafin Hausa, ta tarar da kanta a ƙarshe. Da Left ma ai 2 da 3 suna kallon juna.

Baba Mai Ɗab'i:
Hajiya, wadda ta kawo ɗanta sauka ba ta san buɗe littafi daga dama ba?

Hajiya Sakatariya:
Ta sani in bangon Larabci ne. Bango ne ke gaya wa hannu ta inda zai fara.

Malamin Islamiyya, Daura:
Bangon namu duka biyun ne, sunan da Larabci a sama, Hausa a ƙasa. Zan kai wa shugaban makaranta ya yanke.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Ni tambayata ga masu shago ce. In mutum ya zo da aikin nan, shafi 48 za a caje shi ko fuska 24? Wasu suna zuwa da huɗu-huɗu su ce kuɗin shafi ɗaya za su biya, alhali tona ɗaya ake ci da bugun shafukan daban-daban.

Injiniya na Layout:
Ba ɗaya ba ce. Shafin da aka rage zuwa A5 rabin fili yake ci, tonarsa ma kusan rabi. Fuska mai shafi biyu dai kusan tonar fuskar da aka saba take ci, ba ta kai kuɗin biyu ba.

Mai Fotokwafi, bakin Jami'a:
Injiniya kana lissafin tona, ba ka lissafin lokaci. Saiti, gwaji, takardar da ta lalace, ninki, duk wa zai biya? Ni fuska nake caji, in ƙara na haɗawa daban.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
A unguwarmu in ka ce na haɗawa daban sai a wuce shago na gaba.

Malamin Islamiyya, Daura:
Alhamdu lillahi. Injiniya ya haɗo fayil ɗin da shafukan Hajiya a ciki, mun buga kwafin gwaji da daddare, kowace fuska ta ba da 49. Liman ya karanta ba tabarau. Amma abu biyu: sitefilarmu ba ta kai tsakiya, kuma da muka ninke, shafukan ciki sun leƙo waje sun fi bango tsawo.

Baba Mai Ɗab'i:
Leƙowar dole ce, ba kuskurenku ba ne. Kowane falle yana zagaye kaurin waɗanda ke cikinsa, takarda mai giram 80 kuwa kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Falle 12 zai ba ka fiye da milimita ɗaya a baki. In ya dame ku, bayan an ɗinke a kai wa masu injin yanka su share bakin gaba ɗaya, aikin minti kaɗan ne. Kada ku bi su da almakashi. Wajen ninki kuma kada a kama 12 a lanƙwasa lokaci guda, ƙashin zai yi kumburi littafin ya riƙa buɗe baki. A ninke uku-uku ko huɗu-huɗu, a murje da bayan cokali, a saka cikin juna, a ɗora musu wani abu mai nauyi su kwana.

Sitefila kuma akwai mai dogon hannu, ita ce ta wannan aiki, don daga baki zuwa ninki milimita 148 ne. In ba a samu aro ba, buɗe taku ta miƙe, shimfiɗa littafin bango a sama a kan kwalin katan, danna fil biyu a kan layin ninki, juya, ka lanƙwasa ƙafafun da bakin rula. Ƙafafun a ciki za su kasance, tsakanin 24 da 25, a kwantar da su sosai saboda yatsun yara.

Hajiya Sakatariya:
Ko zare da allura. Huda uku a kan ninki, a shiga ta tsakiya, a fita ta sama, a tsallaka zuwa ƙasa, a dawo tsakiya a ɗaure. Ba ya tsatsa da damina. Ɗalibai mata manya za su gama 60 a zama ɗaya.

Mai Fotokwafi, bakin Jami'a:
Baba tunda ana kai, wani ya kawo mini littafi shafi 160 yana so a yi masa haka. Falle 40. Zai ninku?

Baba Mai Ɗab'i:
Ba zai ninku ba, fil ma ba zai ratsa ba. Ni in ya wuce falle 15 ko 16 ba na yi a dunƙule. Raba shi kashi biyar, shafi 32 kowane, falle takwas-takwas. Amma a wurin Pages za ka raba, ka rubuta 1-32 ka buga a matsayin Booklet, sannan 33-64, har 129-160. Kada ka raba da Sheets from, shi yana yanko maka fallaye ne daga babban jeri guda, falle na farko zai zo da 1 da 160. Kowane kashi a ɗinke shi da zare, a jera su, a haɗa ƙashin da gam da ƙyalle.

Mai Fotokwafi, bakin Jami'a:
Wannan ai ya zama aikin masu ɗinkin littafi. Zan ce masa a yi biyu-biyu a sa masa sifiral kawai.

Malamin Islamiyya, Daura:
Shugaba ya ce a buga biyar da Right, biyar da Left, a nuna wa kwamitin iyaye ranar Asabar kafin a zuba sauran. Rim biyu muka saya saboda gwaji da lalacewa. Wanda yake da sitefila mai dogon hannu a Daura ko Katsina ya taimaka mana da aro, akwai motar da za ta taso daga Katsina ranar Alhamis.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Akwai a shagonmu Malam. Direban ya tsaya Ƙofar Ƙaura ya kira ni, zan haɗa masa da kwalin fil.